Fawa bank mai rubutun 30000mAh amma nauyinsa giram 295: ku duba hotunan nan

Sanusi Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga wani fawa bank a gabana, sabo fil, kwana 9 da fitowa daga kwali. A jikinsa an rubuta `30000mAh` da `22.5W`. Idan ya cika, fitilu huɗun nan duk sun kama, sai a jona waya mai batirin 5000mAh tana kashi 10, kafin ta wuce kashi 52 ya mutu. Wajen caji kuma gefe ɗaya yana yin zafi sosai, ɗaya gefen sanyi ƙalau. Na ɗora shi a sikelin kicin, giram 295. Ga hoton gaba da baya da na sikelin. Lalacewa ya yi ko dama can jabu ne?

Abba Daura: Wa alaikumus salam. Ni dai abin da na sani, kayan wuta a hannu ake gane su. Ka ɗaga ka ji, in ya cika maka hannu orijinal ne, in ka ji shi sakayau kamar kwalin ashana ka ajiye musu kayansu. Giram 295 ai ba laifi, ya fi waya nauyi nesa ba kusa ba. Ina ga igiyar cajin ce ba ta da kyau, ka canza ta tukuna.

Injiniya Bishir: Abba, rabin maganarka daidai ne, amma ba da waya ake gwada nauyinsa ba, da abin da ya yi iƙirarin yana ɗauke da shi ake gwadawa. Bari mu yi lissafin a fili. Ita mAh ita kaɗai ba ta faɗin yawan wuta sai an haɗa ta da ƙarfin ƙwayar batirin, wanda a irin waɗannan 3.7V ne.

```
Wh = mAh × V ÷ 1000
30000 × 3.7 ÷ 1000 = 111Wh
```

To ƙwayoyin lithium mafi kyau da ake sa wa a irin waɗannan kaya suna ɗaukar wajen 250Wh zuwa 270Wh a kowane kilo ɗaya. Ka ga kenan don a samu 111Wh sai an zuba ƙwayoyin da nauyinsu kaɗai ya haura giram 400, ba a sa kwanso da fanel da ramukan caji ba. Fawa bank na gaskiya mai 30000mAh da wuya ka same shi ƙasa da rabin kilo. Naka gaba ɗayansa, har da robar jikinsa, 295. Ba sai an buɗe ba ma, rubutun nan ƙarya ne. Igiya mara kyau tana rage saurin caji kuma tana ɓarnatar da kaɗan, amma ba za ta cinye kashi tara cikin goma ba.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne zafin gefe ɗaya. Ka daina sa shi a caji yanzu.

Abba Daura: To ai ka dawo kan maganata Injiniya, nauyi ne alƙali.

Injiniya Bishir: Alƙali ne mai yanke hukunci ta fuska ɗaya. Idan abu ya gaza nauyin da ya kamata, sikeli ya kama shi, babu ɗaukaka ƙara. Idan ya kai nauyin, sikeli bai wanke shi ba, don masu haɗa jabu su ma sun san kana ɗagawa ka ji. Yashi ba shi da tsada, guntun ƙarfe ma haka.

Malam Lawal mai gyara: Sanusi, in dai ka haƙura da mayar da shi, a buɗe a gani. Amma da sharaɗi. Ka bari cajinsa ya ƙare tukuna, kada ka buɗe shi a cike. Ka fita da shi tsakar gida a kan siminti, nesa da katifa da galan ɗin fetur ɗin janareta, ka ajiye bokitin yashi kusa. Kada ka sa wuƙa ko sukundireba, ka yi amfani da tsohon katin roba ka bi layin da kwanson ya haɗu kana ɗan ɗagawa. Ka cire zobe da agogon ƙarfe. Idan ka leƙa ka ga batirin ciki faffaɗa ne mai kama da jakar leda mai ruwan azurfa, to ka tsaya nan, ka ɗauki hoto kawai. Irin wannan da gam ake manne shi, kuma huda ɗaya ko lanƙwasawa ta isa ya kama da wuta. In kuwa dogaye ne masu kama da batirin tocila, ka ɗauko mana hoto daga sama yadda za mu ga inda kowane ya haɗu da fanel.

Rabe: Afuwan, ni tambayata, wane ne ya fi kyau tsakanin mai sola a baya da mara sola? Wuta ta yi wuya a unguwarmu.

Malam Lawal mai gyara: Rabe, wannan wani zaren ne daban. A taƙaice dai, ɗan gilashin solar nan da bai fi tafin hannu ba wutar da yake bayarwa kaɗan ce ƙwarai, kuma shanya batirin lithium a ranar Katsina ya fi abin da zai tara maka illa. Buɗe sabon zare mu yi maganar can.

Sanusi Ƙofar Ƙaura: An buɗe. Ga hotuna guda 5. Dogaye ne, guda 6 a jere, duk da riga shuɗiya iri ɗaya, kowane an rubuta `5000mAh 3.7V`. Babu sunan kamfani, babu wata lamba. Shida sau 5000 ai 30000 kenan, to ko Injiniya ya yi kuskure?

Hajiya Binta: Ni ma abin da na gani kenan, lissafin ya fita daidai. Kuma na san akwai ƙwaya mai 5000mAh ta gaske, ana sa ta a fitilun sola masu kyau.

Injiniya Bishir: Hajiya, gaskiyarki, akwai ta. Sai dai girmanta daban. Sanusi, ɗora rula a kan ɗaya ka faɗa mana kauri da tsawo.

Sanusi Ƙofar Ƙaura: Kauri milimita 18, tsawo 65.

Injiniya Bishir: To wannan ita ce ake kira 18650, sunan ma daga awon ya fito. Mai 5000mAh ɗin da Hajiya take nufi 21700 ce, kauri 21 tsawo 70, nauyinta wajen giram 70. Da su ne a ciki, shida sun ba ka giram 420 su kaɗai. Ita 18650 kuwa manyan kamfanonin da ke yin ta, irin su Panasonic da Samsung da LG, iyakarsu wajen 3500mAh. Misali `INR18650-30Q` ta Samsung 3000mAh ce, `NCR18650B` ta Panasonic wajen 3400mAh, kuma duk suna tsakanin giram 45 da 49. Duk 18650 da ka ga an rubuta mata 5000 ko 6800 ko 9900, rigar ce kawai aka buga. Ko da a ce duka shidan nan na ƙwarai ne mafi tsada, 21000mAh ne iyakarsu.

Ga amfanin hoton ciki kenan. A kwali mutum zai rubuta abin da ya ga dama, ba ka da abin ƙaryata shi. Amma da ka ga girman ƙwaya da adadinta, ka san rufin da ba za ta wuce ba. Kuma ƙwaya ta gaske tana zuwa da lambar samfuri da lambar rukunin da aka yi ta, wanda za ka iya neman takardar bayananta ka gwada nauyi da launi. Yawancin na ƙwarai ma ba sa buga mAh da manyan baƙaƙe a jiki. Wadda take ihu da lamba ita ce abin zargi.

Malam Lawal mai gyara: Ku ƙara girman hoto na 3 ku gani. Siririn ƙarfen nikel ɗin da ya taso daga fanel ya hau kan ƙwaya ta ɗaya da ta biyu, akwai ɗigon walda a kansu. Daga ta uku zuwa ta shida babu abin da ya taɓa su, gam ne kawai ya riƙe su a kwanso. Shi ya sa gefe ɗaya ke zafi. Sanusi, huɗun nan za su ɓallo da hannu. Sa mita a kan DC 20V ka auna kowace, sannan ka ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Biyun da ke haɗe kada ka fizge su, yanke nikel ɗin da almakashi, gefe ɗaya a lokaci guda, kada bakin almakashin ya haɗa kan ƙwayar da gefenta, ka rufe kan da salatif nan take.

Sanusi Ƙofar Ƙaura: Huɗun duk 0.00V. Nauyinsu 33, 35, 31, 36. Na girgiza ɗaya a kunne ina jin wani abu yana shacaca a ciki. Biyun masu aiki 3.3V, nauyi 38 da 41. Kwanso da fanel 81.

Abba Daura: Innalillahi. Yashi aka sayar maka da kuɗin batir.

Injiniya Bishir: Ku lura da lambobin nan, akwai darasi a ciki. Cikin gwangwanin 18650 bai fi mililita 16 da ɗoriya ba, kuma busasshen yashi wajen giram ɗaya da rabi yake yi a kowane ɗaya. Ko an danna shi ya cika, yashin wajen giram 25 ne, a haɗa da gwangwani a samu talatin da wani abu. Kayan cikin batir na gaske sun fi yashi nauyi, don takardar tagulla ce da ta alminiyam da sinadari aka naɗe su tsam. Shi ya sa yashi yake iya ruɗin hannu amma ba ya ruɗin sikeli idan aka auna ƙwaya ɗaya ɗaya. Sannan dubi bambancin da ke tsakaninsu, 31 zuwa 36. Ƙwayoyin da suka fito daga inji ɗaya ba sa bambanta da fiye da giram ɗaya ko makamancin haka.

Biyun masu rai ma 38 da 41 ba 'yan gida ɗaya ba ne, kuma duka sun gaza 45. Ko dai masu ƙaramin ƙarfi ne tun asali, ko tsofaffi ne aka sake musu riga. Sanusi, juyo mana gindinsu a hoto, da haske daga gefe.

Malam Lawal mai gyara: Na gani. Mai giram 41 ɗin akwai tabon tsohuwar walda guda huɗu a gefen sabuwar, an goge da fayil. Daga tsohon batirin kwamfuta aka ciro ta, ko wani abu makamancinsa.

Hajiya Binta: To ni a nan nake son a yi min bayani. Na yarda an cuce shi a kuɗi. Amma ina haɗarin yake? Yashi ai ba ya kama wuta.

Injiniya Bishir: Yashin ba ya ci, amma yana jawo wa biyun ɗaukar kayan mutum shida. Fanel ɗin yana jan 2A daga caja mai 5V, wato wat 10, abin da ke isa ga ƙwayoyin ya haura 2A kaɗan. Da shida ne a jere suna rabawa, kowace ba za ta ɗauki fiye da 0.4A ba, ko ɗumi ba za ta yi ba. Yanzu biyu ne, kowace tana shan fiye da 1A. Ƙwayar da ainihin ƙarfinta bai wuce 1500mAh ba, cajin da aka saba ba ta wajen 0.75A ne. Tsohuwar ƙwaya kuma tana da turjiya a ciki fiye da sabuwa, don haka wutar da ke ratsa ta zafi take zama. Ki haɗa da cewa takardun bayanan waɗannan ƙwayoyi suna iyakance caji a digiri 45, mu kuwa a watan Afrilu inuwa kanta tana kai 40. A sa shi ƙarƙashin filo ko a aljihun mota a rufe gilashi, an wuce iyaka. Kuma a hoton ban ga ɗan na'urar jin zafi da ake mannawa a jikin ƙwaya ba, wato babu mai ce wa fanel ya tsaya.

Idan siririyar ledar da ke raba ɓangarori biyu a cikin ƙwayar ta narke, wutar da ta tara takan fita a cikin daƙiƙoƙi. Ƙwaya ta ƙwarai tana da abin yanke wuta da ƙofar fitar da iska a ƙarƙashin hularta. Wadda ba ta da suna, ba ka da tabbacin an sa mata.

Nura: Akwai wani abu a hoto na 5 da ba a yi magana a kai ba. A kan baƙin guntun da ke tsakiyar fanel an rubuta `IP5306`. Wannan 5V kaɗai yake fitarwa, iyakarsa 2.4A, wato wat 12. Shi ba jabu ba ne, yana cikin ƙananan fawa bank da yawa kuma yana aikinsa. Amma ba ya yin caji mai sauri, don haka `22.5W` ɗin da ke kwali ita ma ƙarya ce. Sanusi in kana da ɗan mitan USB, da ka gwada kafin ka yanke.

Sanusi Ƙofar Ƙaura: An gwada tun shekaranjiya, daga cike har ya mutu mitan ya nuna 1850mAh.

Abba Daura: Wato ko 2000 bai kai ba cikin 30000.

Nura: A'a Abba, a yi masa adalci ko da ɓarawo ne. Mitan a 5V yake ƙirga, ƙwayar kuma 3.7V ce. 1850 sau 5 ya ba da 9.25Wh. Fanel yana cinye wajen kashi 15 wurin ɗaga wutar, to abin da ke cikin ƙwayoyin wajen 11Wh ne, kusan 3000mAh, kowace 1500. Kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta. Wannan bambancin ne yake sa mutane su zargi na gaske ma. Mai 10000mAh na ƙwarai zai nuna maka 6000 zuwa 6500 a mita, kuma kamfanonin kirki suna rubuta hakan da kansu a ƙananan baƙaƙe, `Rated capacity`, tare da Wh. A bayan na Sanusi babu ko ɗaya daga cikin biyun.

Hajiya Binta: To kan caja fa? Akwai wani a shago da ake kawowa, yana da nauyi sosai, amma masu saye suna cewa in waya tana jikinsa sikirin yana rawa, yana danna kansa.

Malam Lawal mai gyara: Hajiya, a kan caja sikeli ya fi rauni, don babu lissafi irin na batir da zai ce ga nauyin da dole a kai. Ana manna guntun ƙarfe a cikin kwanson da gam, a hoto za ki gan shi zaune shi kaɗai ba waya ko ɗaya a jikinsa. Abin da ake nema shi ne hoton bayan fanel, gefen dalma. Wutar gida 230V ce, bayan an daidaita ta a ciki tana kai wajen 325V. Tsakanin wannan ɓangare da ɓangaren 5V da ke zuwa hannunki dole a ga fili fetal, babu layin tagulla, kimanin milimita 5 zuwa 6 ko fiye, wasu ma har tsaga suke yi a wurin. A jabu za ki ga milimita ɗaya ko ƙasa. Ƙurar hunturu ta shiga, damina ta kawo laima, ko janareta ya yi tsalle, sai wutar ta tsallaka. Abu biyu ne kawai ya kamata su haye filin nan ban da taransifoma: wani lokaci ɗan guntu mai ƙafa huɗu irin `PC817`, da kafasita guda wadda dole a ga `Y1` a jikinta da tambarin gwaji. In kika ga an sa ta gama-gari mai rubutun `1kV` kawai, ranar da ta lalace tana iya haɗe ɓangarorin biyu. A duba kuma ko akwai fis a bakin shigar wuta.

Rawar sikirin alama ce ta wuta mara tacewa, ba hujjar cewa zai ja mutum ba, amma wanda ya yi rowar tacewa da wuya ya yi kyautar fili. Kuma wanda zai buɗe ya sani, babbar kafasita mai `400V` tana riƙe wuta bayan an zare daga soket. Cajar da aka fasa ba a mayar da ita aiki.

Nura: Malam Lawal, ban yarda da "abu biyu kawai za a gani" a matsayin gwaji ba. Cajoji da yawa na ƙwarai ba su da mai ƙafa huɗun nan sam, daga ɓangaren farko suke daidaita wutar. Kada wani ya ga babu ya ce jabu ne. Sannan mafi munin wurin ba ya fitowa a hoto: cikin taransifoma, ko an sa waya mai rufi uku da salatif tsakanin naɗi biyun, ko an naɗa su kan juna haka nan.

Malam Lawal mai gyara: Na ce "wani lokaci" ai. Maganar taransifoma kuwa gaskiyarka, sai an warware shi. Hoto yana kama mai laifi, ba ya ba da takardar shaida.

Hajiya Binta: Matsalata ita ce mai sari ba zai buɗe kowane kaya ba. Kuma ko ka fasa ɗaya daga katan ka ga lafiya, katan na gaba fa?

Injiniya Bishir: Fasa ɗaya a kowane sabon katan, sauran a bi su da sikeli. Idan wanda aka buɗe aka tabbatar giram 410 ne, 'yan uwansa su tsaya kusa da haka, bambancin 'yan giram. Wanda ya kauce da 20 ko 30, sama ko ƙasa, a ware shi. Don hoton ya yi amfani ga wani, a ɗauka abin yana kan sikeli lambar tana fitowa, ba tare da igiya ko kwali ba, rula a gefe, rubutun baya gaba ɗayansa, sannan rubutun ƙwaya da na fanel kusa kusa. A gwada sikelin ma: ɗora kofi, mayar da shi sifili, zuba ruwa mililita 20 da sirinji, ya nuna giram 20. Irin waɗannan hotuna ne za ka iya ajiyewa gaban dila, ko ka kai wa hukumar kula da ingancin kaya ta SON in abin ya yi yawa.

Nura: Wanda ya iya sa yashi a huɗu zai iya sa ƙarfe ya cike giram ɗin daidai, Injiniya. Ni na fi yarda da mitan USB, ba ya buƙatar fasa komai.

Injiniya Bishir: Mita zai faɗa maka yawan wutar, ba zai faɗa maka tsohuwar ƙwaya ce ko babu abin jin zafi ba. Kuma gwajin mai 20000mAh yana cin awa shida ko fiye, sikeli daƙiƙa biyar.

Nura: To a bar shi a haka, kowa da inda yake kamawa.

Sanusi Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai. Biyun nan masu rai, in sa su a tocila ko in zubar?

Malam Lawal mai gyara: Kada ka sa su a komai. Mai tabon waldar nan rigarta ta yage kusa da hula a hoto na ƙarshe, kuma duk jikin gwangwanin ɓangaren wuta ɗaya ne, hular ce ɗayan, tsakaninsu bai fi 'yan milimita ba. Makulli ko kwabo ya taɓa wurin, shi kenan. Naɗe kai da gindi da salatif, ka binne su a yashi cikin gwangwanin madara, ka ajiye a inuwa inda yara ba sa kaiwa. Kada su shiga bola, ana cinna mata wuta. Ka tambayi masu gyara na kusa da kai ko suna tara matattun batira, ka miƙa musu da gwangwanin.